Daga Copenhagen zuwa 060: Lissafin da ke Yanke Layuka Nawa Cibiyar Amsa Kira Take Bukata

A ce an ɗora maka nauyin kafa cibiyar amsa kira a birnin Sakkwato, wadda jama'a za su riƙa bugawa idan suna neman motar ɗaukar marasa lafiya. Kamfanin sadarwa zai yi maka tambaya ɗaya kafin ya rubuta maka farashi: kira nawa kake so su iya shigowa a lokaci guda? Idan ka faɗi adadi kaɗan, wata rana mai naƙuda za ta buga ta ji layi a cike. Idan ka faɗi da yawa, duk wata za ka riƙa biyan kuɗin layukan da ba kowa a kansu, kuɗin da ya kamata ya tafi ga man mota da albashi. Wannan tambaya ta haura shekara ɗari, kuma amsarta ta fito ne daga hannun wani tsohon malamin makaranta ɗan ƙasar Denmark. Tarihin amsar za mu bi, sannan mu zauna mu yi lissafin tare, lamba bayan lamba.

Matsalar da ta dami kamfanonin tarho

A farkon ƙarni na 20, idan mutum ya ɗaga tarho, ofareta ce ke amsa masa a tashar haɗa waya, ta ɗauki igiya ta haɗa shi da wanda yake nema. Kowane gida na da nasa layin zuwa tasha, amma tsakanin tasha da tasha manyan layuka ne 'yan kaɗan, waɗanda kowa ke tarayya a kansu. Dalilin a fili yake. Ko da mutum dubu ne a unguwa, ba sa ɗaga waya gaba ɗaya a lokaci guda, saboda haka shimfiɗa layi dubu ɓarnar jan ƙarfe ce. To amma nawa za a shimfiɗa? Hamsin? Tamanin? Injiniyoyin wancan zamani yawanci ƙiyasi suke yi bisa gogewa, in ƙorafi ya yi yawa a ƙara.

An haifi Agner Krarup Erlang a ƙauyen Lønborg na Denmark a 1878. Mahaifinsa malamin makarantar ƙauye ne. Ya gama karatun lissafi a Jami'ar Copenhagen a 1901, ya yi shekaru yana koyarwa a makarantu. A ƙungiyar masana lissafi ta ƙasar ya haɗu da Johan Jensen, babban injiniyan kamfanin tarho na Copenhagen, kuma ta hanyarsa ya kama aiki da kamfanin a 1908.

A 1909 ya fitar da takardarsa ta farko a kan batun. Abin da ya nuna shi ne, idan jama'a masu yawa suna kira, kowa don raɗin kansa ba tare da ya san abin da wani ke yi ba, to yawan kiran da ke shigowa a kowane minti yana bin wani tsari na lissafin yiwuwa da Bafaranshe Siméon Poisson ya bayyana tun 1837. Wato ba wanda zai iya gaya maka yaushe wane zai kira, amma ana iya gaya maka sau nawa a cikin awa kira goma sha biyar za su haɗu a lokaci guda. A 1917 ya fitar da takarda ta biyu, wadda ke ɗauke da fomular da ake kira Erlang B a yau. Hukumar gidan waya ta Birtaniya na cikin waɗanda suka karɓe ta da wuri. Shi kuwa ya rasu a 1929. A 1946 kwamitin ƙasa da ƙasa mai kula da harkar tarho ya sa wa ma'aunin zirga-zirgar kira sunansa, shi ya sa har gobe injiniya zai ce maka layinsa na ɗauke da erlang kaza.

Mene ne erlang ɗaya?

Erlang ɗaya shi ne nauyin da zai riƙe layi ɗaya na tsawon awa guda cur, ba hutu. Ko kira ɗaya ne na minti 60, ko kira 60 na minti ɗaɗɗaya, duk erlang ɗaya ne. Lissafinsa shi ne ka ninka yawan kira a awa da matsakaicin tsawon kira, ka raba da tsawon awa:

```
A = (kira a awa × daƙiƙun kira ɗaya) / 3600
```

Mu ɗauki cibiyar tamu ta Sakkwato. Lambobin da za su biyo na misali ne, mun zaɓe su don lissafin ya fito sarari. A ce a awar da ta fi cunkoso kira 240 ke shigowa, kowane yana ɗaukar daƙiƙa 150, wato minti biyu da rabi. 240 sau 150 ya ba da 36,000. Raba da 3,600, ka sami erlang 10. Ma'ana, in ka riƙa leƙa cibiyar a cikin wannan awa, a matsakaici za ka tarar da mutum goma na son magana.

A nan ne kusan kowa ke faɗawa rami. Mutum zai ce, to ai shi ke nan, layi goma. Ka tuna da 'yan kabu-kabu a bakin Babbar Kasuwa. A ce a matsakaici babura goma ne ke kan hanya da fasinja a kowane lokaci. Idan babura goma kacal ke tashar, akwai lokacin da huɗu za su zauna a inuwa ba aiki, akwai kuma lokacin da fasinja goma sha huɗu za su fito kusan tare. Huɗun nan da suka rasa babur ba za su amfana da zaman banzan da aka yi ɗazu ba, don lokacin da layi ya yi a banza ba a ajiye shi a ci gaba. Za su tafi su nemi wata hanya. Fomular Erlang B ta ginu ne a kan wannan yanayi daidai: wanda ya tarar da duk layuka a cike, an rasa shi.

Yadda fomular ke aiki

Asalin fomular tana da dogayen lambobi masu wahalar bugawa, amma akwai hanya mai sauƙi ta hawa mataki-mataki. Ka fara da cewa idan babu layi ko ɗaya, kowane kira zai toshe, wato yiwuwar toshewa 1 ce. Daga nan duk layin da ka ƙara, sai ka sabunta:

```
B(0) = 1
B(n) = A × B(n−1) / (n + A × B(n−1))
```

A shi ne nauyi a erlang, n yawan layuka, B kuma kason kiran da za su tarar da layi a cike. Gwada da kalkuletar wayarka. Da layi ɗaya, 10 a raba da 11, ka sami 0.909, wato kira 91 cikin 100 sun toshe. Da layi biyu, 10 sau 0.909 ya ba da 9.09, a raba da 11.09, ka sami 0.820. Haka za ka yi ta hawa. Idan kana da Python, ga shi a taƙaice:

```python
def erlang_b(A, N):
    B = 1.0
    for n in range(1, N + 1):
        B = A * B / (n + A * B)
    return B

print(erlang_b(10, 18))
```

Ga abin da za ka gani idan nauyin erlang 10 ne. Da layi 10, kashi 21 cikin 100 na kira za su toshe. Wato mutum ɗaya cikin biyar, kusan kira 51 cikin 240 ɗin nan. Da layi 12 ya sauko zuwa kashi 12. Da layi 15, kashi 3.6. Da layi 17, kashi 1.3. Da layi 18, kashi 0.7, kasa da kira biyu a awa. Da layi 21 kuwa, bai kai kira ɗaya cikin dubu ba.

Ka lura fomular ba ta taɓa ba da sifili. Duk yawan layukanka, akwai ɗan ƙaramin yiwuwar su cika. Saboda haka lissafin ba ya yanke maka hukunci shi kaɗai. Kai ne za ka fara faɗin toshewar da za ka iya jurewa, sannan fomular ta gaya maka farashinta. Cibiyar da ke amsa tambayar kuɗin wuta za ta iya zama da kashi 2 cikin 100, ta ɗauki layi 17. Mai neman kashi 1 zai ɗauki 18. Cibiyar motar asibiti, inda kiran da aka rasa zai iya zama rai, ya dace ta nemi ɗaya cikin dubu, ta ɗauki 21. Tsakanin kashi 1 da ɗaya cikin dubu layi uku ne kacal, kuma wannan ne abin da ya kamata mai riƙe da kasafin kuɗi ya gani da idonsa kafin ya ce a rage.

Wani abin mamaki game da fomular shi ne, ba ruwanta da yadda tsawon kira ya rarrabu. Ko duk kiran daƙiƙa 150 ne cif, ko rabinsu gajeru ne ƙwarai rabi dogaye, muddin matsakaicin ɗaya ne, amsar ɗaya ce. Injiniyoyi sun daɗe suna ganin haka a aikace, sai a 1957 wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Boris Sevastyanov, ya tabbatar da shi a rubuce. Wannan sassauci na cikin dalilan da suka sa fomular ta rayu daga zamanin ofareta har zuwa na salula.

Yadda abin ya kasance a nan gida

A lokacin samun 'yancin kai a 1960, layukan tarho a duk Najeriya ba su kai 19,000 ba. A 1985 aka haɗa ɓangaren tarho na tsohuwar hukumar gidan waya da kamfanin sadarwar waje, aka kafa NITEL. Kowane babban gari na da lambarsa: Sakkwato 060, Kaduna 062, Kano 064, Katsina 065. Waɗanda suka yi wancan zamani za su tuna cewa kiran cikin gari ya fi saurin shiga, amma da ka buga 064 daga Sakkwato, sai ka yi ta jin muryar na'ura tana cewa duk manyan layuka a cike suke, ka sake gwadawa. Abin da muryar ke faɗi shi ne B ɗin da muka lissafa a sama. Wayar wanda kake nema tana iya zama a ajiye ba kowa a kanta, hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu ce ta cika. Dabarar da mutane suka koya ta kira da dare ko da sassafe, ita ma lissafin Erlang ce ba tare da takarda ba: sun gano awannin da A ya yi ƙasa.

Kafin zuwan salula, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100 tana da layukan girke kimanin 400,000 ne. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Igiya ta tafi, amma lissafin bai tafi ba. A tsarin GSM, kowace na'urar rediyo a kan turken sadarwa tana raba zangonta gida takwas, kuma a ta farko akan ware aƙalla gida ɗaya don saƙonnin sarrafawa, a bar bakwai na magana. Sa bakwai a fomular, da toshewar kashi 2, za ka ga erlang 2.9 kawai za su ɗauka. Idan kowane mai waya yana magana na minti ɗaya da rabi a awar cunkoso, wannan ya ishi mutum kusan 117. Ka kwatanta da taron da ke cika filin idi ranar sallah, sai ka gane dalilin da ya sa waya ke nuna sabis cike amma kira ya ƙi fita. Kashi 2 ɗin ma ba mu muka ƙirƙira shi ba, shi ne iyakar da NCC ta sa wa cunkoson hanyoyin magana a ma'auninta na ingancin sabis. A watan Mayun 2012 ta ci manyan kamfanoni huɗu tarar naira biliyan 1.17 saboda gaza cika ma'aunan inganci.

Cibiyoyin amsa kira na gaggawa su ne sabon babin. NCC ta gina cibiyoyin lambar 112 a jihohi da dama, an kuma ƙaddamar da ta Katsina a 2019. Duk irin wannan cibiya, da ta banki, da ta kamfanin wuta, tana haɗe da kamfanonin sadarwa ta manyan layuka masu iyaka, kuma wani ne ya zauna ya yanke yawansu.

Haɗa kai ya fi arha

Akwai wani sakamako na fomular da ya cancanci ka tsaya a kansa. A ce maimakon cibiya ɗaya a birni, an ce a raba aikin gida biyar, kowace shiyya da tata lambar da layukanta, kowacce na ɗaukar erlang 2. Ka hau matakan da A = 2. Layi biyar na ba da toshewar kashi 3.7, layi shida kashi 1.2, sai a na bakwai ka sauko ƙasa da kashi 1. To bakwai sau biyar, layi 35 ke nan. Cibiya ɗaya mai erlang 10 kuwa layi 18 ta buƙata don ma'auni iri ɗaya. Jama'a ɗaya, kira ɗaya, amma rarrabuwar ta kusan ninka kuɗin.

Dalilin shi ne, a lokacin da kira suka yi wa shiyya ɗaya yawa, wata shiyyar tana zaune shiru, kuma idan layukan a tukunya ɗaya suke, rarar wannan na rufe giɓin waccan. A ƙaramar cibiya kowane layi na aiki kashi 28 cikin 100 na lokaci, a babbar kuwa kashi 55. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, saboda haka duk wanda ya kawo shawarar kowacce ta sami nata layukan dabam, a nuna masa wannan lissafi. Ana iya barin motocin a warwatse kusa da jama'a, a tattara amsa kiran wuri guda.

Wanda ke jira ma yana riƙe da layi

Yanzu mu zo kan kuskuren da ya fi kama cibiyoyin amsa kira musamman. Daƙiƙa 150 da muka yi aiki da su, lokacin magana da ma'aikaci ne. Amma layi yana kamuwa tun daga lokacin da kiran ya shigo: lokacin gaisuwar na'ura, lokacin danna 1 don Hausa, da lokacin sauraron kiɗa kafin a ɗauka. Duk a kan layinka ake yin su.

Tsawon jiran ya dogara da yawan ma'aikata, kuma fomula ta biyu ta Erlang, wadda ake kira Erlang C, ita ke lissafa shi. Bambancinta da ta farko shi ne, a nan wanda bai sami mai amsawa ba yana tsayawa a layi, ba ya tafiya. Da erlang 10 na magana, ma'aikata 14 na ba da matsakaicin jira na kusan daƙiƙa 7. Ma'aikata 13, daƙiƙa 14. Ma'aikata 12, daƙiƙa 34. Ma'aikata 11 kuwa, sama da daƙiƙa 100. Ka ga yadda abin ke tsalle idan aka matso kusa da goma.

A ce ka ɗauki ma'aikata 13, gaisuwar na'ura kuma na cin daƙiƙa 16. Kowane kira zai riƙe layi na 150 da 14 da 16, wato daƙiƙa 180. Sabon nauyin layuka shi ne 240 sau 180 a raba da 3,600, erlang 12. Layi 18 ɗin da ɗazu ke toshe kashi 0.7, yanzu kashi 2.7 suke toshewa. Nauyi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar kawai, toshewa ta kusan ninka huɗu. Don komawa ƙasa da kashi 1, sai layi 20.

Tsarin aikin ke nan: ka fara da ma'aikata, ka sami tsawon jira, ka haɗa shi da lokacin magana da na gaisuwa, sannan ka lissafa layuka. Kuma ka sani cewa ranar da ma'aikata biyu suka fita cin abinci tare a awar cunkoso, masu jira za su cika layukan, mutanen waje su fara jin layi a cike. Shugaban da bai gane haka ba zai ruga ya sayo ƙarin layuka, alhali ƙarancin a kujeru yake. Ƙarin layi a irin wannan hali tsawaita jerin masu jira kawai yake yi.

A wajen saye ma akwai abin lura. Tsohon layin dijital da ake kira E1 yana zuwa ne da hanyoyin magana 30 a dunƙule, kuma 30 na ɗaukar erlang 20.3 a toshewar kashi 1. Mai buƙatar 20 da ya ɗauki E1 ɗaya ya sami rara mai kyau. Layukan SIP da ke bi ta intanet kuwa ana iya sayen adadin da ake so, amma kowane kira da ba a matse muryarsa ba yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, don haka kira 20 na son wajen megabit 1.7 da ba a tarayya da komai a kansa.

Yadda za ka gane layukanka sun gaza

Na'urar cibiyarka tana ƙirga kiran da suka shigo ne kawai. Wanda ya toshe a waje, ba ta san da shi ba. Koma kan misalin layi 10 da erlang 10. Tun da kashi 21 sun toshe, abin da na'urar za ta nuna shi ne erlang 7.9. Mai duba rahoto zai ce, a matsakaici layi biyu na zaune a banza, ashe lafiya lau. Alhali mutum 51 sun buga sun rasa. Idan kuma ya ɗauki 7.9 ɗin ya sa a fomula don tsara shekara mai zuwa, zai sake gina ƙarancin da hannunsa.

Ma'aunin da ba ya ruɗi shi ne tsawon lokacin da duk layuka suka cika gaba ɗaya. Idan kira na shigowa ne bisa tsarin Poisson, kason wannan lokaci daidai yake da kason kiran da ke toshewa. Kashi 1 na awa daƙiƙa 36 ne. Saboda haka in rahoton ya nuna layukanka sun cika na minti 13 a awar cunkoso, kana rasa kusan kira ɗaya cikin biyar, ko da ba wanda ya kawo ƙara. Hanya ta biyu ita ce ka nemi kamfanin sadarwarka ya ba ka adadin kiran da aka yi yunƙurin shigarwa lambarka da adadin da ya mayar, don shi yana ganin ɓangaren da kai ba ka gani.

Ka kuma kula da wace awa kake aunawa. Idan ka raba kiran yini da 24, za ka sami lamba mai sanyaya rai wadda ba ta da amfani, don ba a tsara layi da tsakar dare. Ka ƙirga kira na kowane rabin awa har tsawon makonni, ka ɗauki awar da ta fi nauyi. A Sakkwato wannan awa ba ta zama wuri ɗaya duk shekara. Azumi na juya jadawalin gari, ya mayar da harkoki zuwa bayan shan ruwa. Damina na zuwa da zazzaɓin cizon sauro, bazara kuma lokacin sanƙarau ce, kamar annobar 2017 da ta shafi Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Ma'aunin da aka ɗauka a wata mai sauƙi ba zai wakilci waɗannan ba.

Inda fomular ta tsaya

Erlang ya ɗauka cewa wanda ya ji layi a cike ya haƙura. Kai ma ka san ba haka muke ba, nan take ake sake dannawa. A misalin layi 10, idan rabin waɗanda suka toshe suka sake bugawa, nauyin da ke ƙwanƙwasa ƙofa zai hau zuwa kusan erlang 11.7, toshewa ta tashi daga kashi 21 zuwa kusan 29. A lambar gaggawa kuwa kusan kowa zai sake bugawa. Idan toshewar ƙasa da kashi 1 take, wannan ƙari ba ya da wani tasiri, shi ya sa tsarawa da ƙaramin ma'auni ke kare ka sau biyu.

Ya kuma ɗauka cewa masu kira suna da yawa ƙwarai. Idan 'yan kaɗan ne, misali asibitoci talatin da ke kiran cibiya ɗaya a wani keɓantaccen layi, fomular za ta ɗan wuce gona da iri, sai a koma ga ta Tore Engset ɗan ƙasar Norway, wadda aka buga a 1918.

Babban sharaɗin dai shi ne kowa na kira don raɗin kansa. Ranar bala'i wannan sharaɗi ke rushewa, don abu ɗaya ne ke sa dubban mutane ɗaga waya a minti guda. A watan Satumban 2010 ambaliya ta mamaye garuruwan da ke bin kogin Rima ƙasa da madatsar Goronyo, har ta yanke gadar hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ce irin wannan rana ta ninka nauyin cibiyarmu uku, daga erlang 12 zuwa 36. Layi 20 za su toshe kashi 47 na kira. Ko da E1 cikakke mai 30, kashi 24 za su toshe, kuma wannan kafin a ƙirga masu sake bugawa. Waɗanda suka samu shiga ma za su tarar da ma'aikata 13 ɗin nan dai.

Ba a sayen layukan ranar ambaliya a riƙa biyansu duk shekara. Abin da ake yi shi ne a shirya hanyoyin rage A da ƙara ƙarfi na wucin gadi tun kafin ranar. Gajeren saƙon na'ura da ke cewa an san da ambaliyar unguwa kaza kuma ma'aikata na hanya, yana sallamar masu kawo labari iri ɗaya cikin daƙiƙa 20 maimakon 180. Yarjejeniya da kamfanin sadarwa za ta iya sa kiran da ya tarar da layi a cike ya zarce wata cibiya a Birnin Kebbi ko Gusau, wanda shi ne haɗa tukunya da muka gani a sama. Sannan a keɓe layi biyu ko uku na fita kawai, don ma'aikaci ya iya kiran direban mota ko asibiti ko da duk layukan shigowa sun cika.

Idan takardar kamfanin sadarwa ta zo gabanka, lambobi huɗu za ka riƙe: yawan kira a awar da ta fi cunkoso a wata mafi nauyi, cikakken lokacin da kira ke riƙe layi har da jira, toshewar da hukumarka ta amince da ita a rubuce, da kuma daƙiƙun da layuka suka cika gaba ɗaya a rahoton makon jiya. Ukun farko za su ba ka adadin layukan. Ta huɗun ita za ta riƙa gaya maka, mako bayan mako, ko adadin na nan daidai ko gari ya girme shi.